Ƙanena, lambar da kake gani a allon waya ba kuɗi ba ce

"Yaya, wani da muke hidimar ƙasa tare ya saka ni a wani guruf ɗin kirifto a Telegram. Ana ba da sigina sau biyu a rana, riba kashi 2 cikin 100 kullum, kuma da idona na ga ya cire kuɗi sun shigo masa. Ina da naira 300,000 da na tara daga alawus. Na san abin da ya samu abokinka bara, amma ai nasa daban ne. In saka? Sun ma ce idan na kawo mutum 5 za su ba ni shugabancin tawaga."

Wa'alaikumussalam, ƙanena. Kada ka saka ko sisin kwabo, kuma kada ka kawo kowa. Na fara da wannan ne domin ko ba ka kai ƙarshen wasiƙar ba ka san matsayata. Amma ina so ka karanta ta duka, saboda na san halinka, idan an hana ka abu ba a gaya maka dalili ba, komawa kake yi ta bayan gida. Na ji daɗi ƙwarai da ka tambaye ni kafin ka tura kuɗin. A teburin da nake aiki a banki, wato inda ake karɓar koken waɗanda aka damfara, kusan kowa sai bayan hari yake zuwa da ihunsa.

Ka ce na abokina daban ne. Kai dai ka ji an ce ya yi asara, ba ka san yadda aka bi da shi ba. Na nemi izininsa ya ce in ba ka labarin duka, in dai zai hana wani faɗawa. Ga yadda abin ya kasance, kai kuma ka gwada da naka guruf ɗin da kanka.

Ka san shagonsa na kayan waya a Farm Centre, ka kuma san mutum ne mai lissafi, wanda ba ya sayen kwalin caja sai ya buɗe ya ƙirga. Wani kwastomansa da suka daɗe tare shi ya turo masa linki. Ba daga Play Store ya sauke manhajar ba, fayil aka turo ya saka a waya. Aka ce ya sayi USDT, wato kirifton da farashinsa ke bin dala ɗaya, ya tura zuwa wani adireshi da manhajar ta nuna masa. Ya fara da dala 100. Mu ɗauki dala a kan naira 1,500 don sauƙin lissafi, ka ga naira 150,000 ke nan. Kullum da azahar da kuma bayan isha'i admin zai turo wasu lambobi da haruffa, shi ne siginar, ya kwafa ya liƙa a manhajar, ya jira 'yan mintuna, sai kore ya bayyana an ƙara masa kashi 1. Sau biyu a rana, kashi 2 ke nan, daidai da naku.

Da ya yi kwana 14 allon ya nuna masa dala 132. Sai ya ce bari ya gwada su, ya nemi cire dala 30. Ko minti goma ba a yi ba suka shigo walat ɗinsa, wato asusun da yake ajiye kirifto, ya sayar, alat ɗin naira 45,000 ya faɗo. A ranar ya kira ni yana murna, ni kuma na ce masa ya cire sauran ya fita. Ya ce min, "Kai ma'aikatan banki ba ku son talaka ya samu." Washegari ya kwashe jarin da zai saro kaya da shi, naira miliyan 3, ya mayar dala 2,000 ya zuba. Daga baya ya shigar da ƙaninsa, da maƙwabcin shagonsa, da kuɗin adashin matarsa, jimillar nasu dala 1,400, aka rubuta masa ladan kashi 10 a allo.

Ka tsaya a kan dala 30 ɗin nan, domin ita ce hujjar da kai ma ka kawo min, cewa da idonka ka ga abokin hidimarka ya cire kuɗi. Na yarda ya cire, ban ce ƙarya yake yi ba. Tambayar ita ce kuɗin wa aka ba shi. Abokina ya ba su dala 100, suka mayar masa da 30 daga cikin kuɗinsa, suka riƙe 70, kuma da wannan 30 ɗin suka jawo 2,000 daga aljihunsa da 1,400 daga aljihun mutanensa. Mai kama kaza ma sai ya watsa tsaba. Biyan farko yana cikin tsarin damfarar tun daga zanenta, kuma shi ne tallan da ya fi kowanne araha, saboda bakin wanda ka sani ya fi allon talla dubu tasiri. Saboda haka cire ƙaramin kuɗi ba ya gwada komai. Abin da yake gwadawa shi ne kowa ya nemi uwar kuɗinsa a lokaci guda, wannan kuwa ba sa bari a kai gare shi.

Ga yadda suke iya biya ba tare da sun yi cinikin komai ba. A ce mutum 1,000 kowa ya zuba dala 100, sun tara dala 100,000. Ribar kashi 2 da suka yi alkawari ta kama dala 2,000 a rana, amma a allo kawai ake rubuta ta, rubutu kuwa kyauta ne. Yawancin mutane ba sa cirewa, domin an koya musu cewa idan suka bar ribar a ciki ita ma za ta haihu. Idan mutum ɗaya cikin goma ne ke cire tasa, dala 200 ce kaɗai ke fita a rana daga tulin dala 100,000, ga kuma sababbi suna ta shigowa da nasu. Za su iya yin watanni a haka suna biya ba fashi. Su suna kallon lambobi biyu da kai ba ka gani: abin da ke shigowa yau da abin da ke fita yau. Ranar da na fita ya fara kusantar na shiga, ranar suke rufe ƙofa. Don su jinkirta ranar ne suke kafa dokoki irin wadda aka kafa wa abokina, cewa duk wanda ya taɓa uwar kuɗinsa kafin kwana 40 za a zaftare masa kashi 20. Duba dokokin naku guruf ɗin, ina kyautata zaton za ka samu irinta da wani adadin kwanakin.

Abokina bai nemi cirewa ba sai da ya yi kwana 60 da zuba manyan kuɗin. Lokacin allon ya haura dala 7,000, sama da naira miliyan 10, har ya fara zuwa ganin fili. Ya danna cire dala 3,000, aka rubuta masa Pending. Kwana ɗaya, kwana biyu, shiru. Admin ya ce ana gyaran na'ura ne, a yi haƙuri. A kwana na huɗu aka rufe guruf ɗin ta yadda admin kaɗai ke iya rubutu, waɗanda suka fara ƙorafi kuwa aka cire su. Sai sanarwa ta fito cewa an gano asusun bogi a cikin tsarin, don haka kowa ya saka dala 200 ta tantancewa kafin awa 48 ko a rufe asusunsa. Ya ranto naira 300,000 ya saka. Ka lura da adadin, daidai da abin da ka tara ne. Aka rubuta masa an tantance shi, sannan aka ce saura harajin kashi 10 na abin da ke asusun, dala 700, kuma ba za a cira daga ciki ba, sai ya turo sabo. A nan ne ya zo gidana da daddare, ya zauna a kan tabarma a ƙofar gida ya kasa shiga ciki, yana tambaya ko zan ranta masa naira miliyan 1 ya kammala ya kwashe kuɗinsa.

Ka riƙe wannan ƙa'idar har abada: duk wanda da gaske yake riƙe da kuɗinka, daga cikinsu yake cire cajinsa. Banki haka yake yi, mai POS haka yake yi, manyan kasuwannin kirifto na gaskiya ma haka suke yi, idan za ka fitar da USDT sai su rage 'yar ladarsu su tura maka saura. Wanda ya ce yana riƙe maka da dala 7,000 amma sai ka kawo 700 daga waje kafin ya sake su, ya gaya maka da bakinsa cewa babu komai a ciki.

A daren nan na karɓi wayarsa muka yi wani abu da nake so kai ma ka iya. USDT ɗinsa ta hanyar Tron ya tura, abin da ake rubutawa TRC20, kuma duk abin da aka tura ta nan a buɗe yake, kowa zai iya gani. Muka shiga manhajar da ya sayi USDT ɗin, muka buɗe tarihin fitar da kuɗi, muka kwafo lambar shaidar turawar da ake kira TxID, muka liƙa a tronscan.org. Ga dala 2,000 ɗinsa sun sauka a adireshin da aka ba shi, mai farawa da harafin T. Muka danna adireshin. Babu komai a cikinsa. Mintuna kaɗan bayan saukarsu aka kwashe su zuwa wani adireshin, wanda kuɗi ke kwararowa cikinsa daga ɗaruruwan adireshi irin nasa, daga can kuma ana rarraba su zuwa wasu wuraren. Don in yi adalci, kasuwannin gaskiya ma suna tattara kuɗin masu ajiya zuwa babban walat guda, amma manyan walat ɗinsu sanannu ne, sau da yawa za ka ga sunan kamfanin a maƙale a jiki a wannan shafin. Wannan ba shi da suna, ba shi da alaƙa da kowace kasuwar da aka ce ana yin cinikin a cikinta. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce, "Wato tun ranar da na tura suka tafi?" Na ce tun ranar. Kwana 60 ɗin da ya yi yana tashi daga cin abinci don kada sigina ta wuce shi, yana liƙa lambobi ne a shafin da wani yake rubuta abin da ya ga dama.

Har yanzu idan yana ba da labari cewa yake ya yi asarar dala 7,000. Na zaunar da shi da biro muka lissafa: 100 da 2,000 da 200, a cire 30 da aka mayar masa, ya kama dala 2,270, wato naira miliyan 3 da 405,000. Wannan shi ne abin da ya fita daga hannunsa. Sauran bai taɓa wanzuwa ba. Na nace a kan wannan lissafin ne saboda muddin mutum ya yarda yana da 7,000 a wani wuri, zai ci gaba da biyan duk abin da aka ce ya biya don ya kai gare su. Haka kuwa aka yi, bayan sati biyu wani ya same shi ta WhatsApp ya ce su ƙwararru ne masu dawo da kuɗin da aka sace, har ya faɗi sunan manhajar da adadin da ke asusunsa. Ya tura musu naira 50,000 bai gaya min ba. Wa ya san lambar wayarsa da adadin kuɗinsa in ba waɗanda ya yi rijista a wurinsu ba? An gudu daga gidan gara an faɗa gidan zago.

Yanzu ɗauko kalkuletar wayarka mu gwada alkawarin da aka yi maka. Kashi 2 a rana, ana barin riba tana hawa kan riba, yana ninka kuɗi sau biyu duk kwana 35. A shekara guda ya ninka su kusan sau 1,377. Naira 100,000 ta zama kusan miliyan 138. A shekara ta biyu ta zama kusan biliyan 190. A ta uku ta haura tiriliyan 260. Kasafin kuɗin gwamnatin tarayya na 2025 gaba ɗayansa kusan tiriliyan 55 ne. Wato mai wannan dabarar, da naira 100,000 kacal, cikin shekara uku zai tara fiye da ninki huɗu na kasafin Najeriya. To mai irin wannan sirrin me zai yi da alawus ɗin ɗan hidimar ƙasa? Me ya sa zai biya ka lada don ka kawo masa mutum 5? Wanda yake da rijiyar da ba ta ƙafewa ba ya bin gida gida yana roƙon a sammasa ruwa.

Kuma kasuwar kirifto ta gaskiya ba ta tafiya a miƙe haka. Bitcoin ya kai wajen dala 69,000 a Nuwamban 2021, shekara guda bayan nan ya gangaro wajen 16,000. Waɗanda suka ƙware a wannan ciniki suna faɗuwa a wasu ranaku, wani lokacin a wasu watanni, kuma babu mai mutunci a cikinsu da zai rantse maka a kan ribar gobe. Abokina ya yi kwana 74 a ciki, sigina 148, ba a taɓa nuna masa ja ba ko sau ɗaya. Wannan rashin faɗuwar shi ya kwantar masa da hankali, alhali shi ya kamata ya tayar masa da shi. Tambayi abokin hidimarka sau nawa siginarsu ta taɓa faɗuwa.

Abin ba sabo ba ne, riga kawai yake sakewa. Kana ƙarami lokacin MMM, wadda ta yi alkawarin kashi 30 a wata, ta kuma daskarar da asusun mutane a Disamban 2016, dab da bukukuwan ƙarshen shekara. CBEX kuwa ka gan ta da idonka: alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ita ma da sigina, ta rushe a Afrilun 2025, har fusatattu suka afka wa ofishinta a Ibadan suka kwashe kaya, sannan aka ce wa mutane su saka dala 100 ko 200 na tantancewa kafin su cire. Abin da kirifto ya ƙara wa 'yan damfara abu biyu ne. Na farko, kalmomin da mutum ke jin kunyar cewa bai gane ba, sai ya yi shiru ya biya. Na biyu kuma, wanda ya fi muni, kuɗin da ba a iya juyo da su. Idan ka yi turansifa ta banki ka sanar da wuri, akwai damar mu tuntuɓi ɗaya bankin a riƙe kuɗin kafin a kwashe. USDT kuwa idan ta tafi ta tafi. Kamfanin Tether da ke fitar da ita yana iya daskarar da adireshi idan hukumomin tsaro suka nema, amma kafin takarda ta bi hanyarta kuɗin sun yi tsalle biyar sun bar wurin.

Na san za su nuna maka takardu, abokina ma an nuna masa, har da hoton satifiket ɗin CAC mai hatimi. Rijistar CAC tana nuna cewa an yi wa suna rijista ne kawai, mai shagon ɗinki ma yana da ita, ba ta ba kowa izinin karɓar kuɗin jama'a don juyawa ba. Wannan izinin na hukumar SEC ne, mai kula da harkar zuba jari, kuma tana da jerin waɗanda ta yi wa rijista a shafinta, sec.gov.ng. Ka shiga da kanka ka nemi sunan, kada ka yarda da hoton da aka turo a guruf. A Agustan 2024 hukumar ta ba Busha da Quidax amincewar farko a matsayin kasuwannin kirifto, kuma su ma wurin saye da sayarwa ne, ba sa yi wa kowa alkawarin ribar kullum. Sannan ka ɗauki adireshin shafinsu ka saka a who.is ka duba inda aka rubuta ranar da aka yi masa rijista. Na abokina sun ce shekararsu 8 suna aiki daga ƙasar waje, da muka duba shafin bai kai wata 5 da haihuwa ba. Amma ka ji ni da kyau, ko sun tsallake waɗannan gwaje-gwajen duka, alkawarin kashi 2 kullum shi kaɗai ya isa hujja. Akwai masu sayen tsohon shafi, akwai masu aron sunan kamfanin gaskiya su canza harafi ɗaya.

Saura maganar da ta fi hana ni barci, shugabancin tawaga. Ƙanena, a cikin tafiyar nan kaf, mutanen da ke sama ba su da fuska. Admin ɗin hoton wani Bature ko wata baturiya ya saka, sunan aro ne, lambar ta ƙasar waje ce. Mai fuska shi ne shugaban tawaga. Shi aka san gidan ubansa, shi ake haɗuwa da shi a masallaci. Kuma ga yadda ake yi: mutum 5 ɗin da za ka kawo, yawanci ba su iya sayen USDT ba, sai su ce bari mu turo maka naira ka saya mana. Daga ranar asusunka mai ɗauke da BVN ɗinka ya zama ƙofar da kuɗin suka bi. Ranar da abu ya rushe, wanda ya je banki ko wurin 'yan sanda, rasit ɗin da zai nuna sunanka ne a kai. Abin da ke biyo baya na gan shi ba sau ɗaya ba: a saka wa asusun takunkumin hana cire kuɗi, har alawus ɗinka ya shiga ka kasa taɓawa, sai gayyata ta biyo. Cewa kai ma an cuce ka ba ya goge sunanka daga rasit ɗin. Dokar zuba jari da aka sa wa hannu a Maris ɗin 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu gudanar da irin wannan tsari da masu tallata shi. Mai tara mutane yana karɓar lada a kan kowane kai, kai ka faɗa min a wane ɓangare za a lissafa shi.

Ko hukuma ba ta taɓa ka ba, akwai abin da ya fi wannan ciwo. Abokina yana farfaɗowa daga asarar jarinsa, ya koma karɓar kaya bashi yana biya a hankali. Abin da bai warke ba shi ne dala 1,400 na mutanen da ya kawo, naira miliyan 2 da 100,000. Maƙwabcin shagonsa ya kai shi gaban shugabannin kasuwa, aka yanke zai riƙa biya duk wata. Ƙaninsa ya daina zuwa gidansa. Kuɗin adashin kuwa ba na matarsa kaɗai ba ne, kwasar wata mata ce ta zo, sai da aka sayar da 'yan kunnen gwal ɗin matar tasa aka rufe. Ka lissafa mutum 5 ɗin da suka faɗo maka a rai da aka ce ka kawo. Na tabbata akwai ɗan gidanmu a ciki, saboda wanda ya yarda da kai kaɗai ne zai ba ka kuɗinsa ba tambaya.

Wataƙila zuciyarka tana raya maka abin da na sha ji daga samari: na san damfara ce, amma zan shiga da wuri in fita da wuri. Ba ka san ko da wuri ne ba. Lokacin da labari ya iso kunnen ɗan hidimar ƙasa a ƙauyen da aka tura shi, har ana neman shugabannin tawaga ido rufe, alama ce ta cewa masu shigowa sun fara ƙaranci. Kuma a ce ma ka yi nasara ka fita da riba. Mun riga mun ga babu cinikin da ake yi, to ribar daga ina ta fito? Daga jarin wani mai shayi ko kuɗin adashin wata da suka shigo bayanka. Abokina yana da uzurin rashin sani. Kai daga yau ba ka da shi, kuma ka san ayar Suratun Nisa'i da ta hana mu cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna sai dai ta kasuwanci bisa yarda. Baba bai ciyar da mu da irin wannan ba, ba na so ka fara.

Ba ina ce maka kirifto duka damfara ba ne. Ina da abokan da ake biyansu aikin da suke yi wa 'yan waje da USDT, suna sayarwa su ci abinci. Idan sha'awar koyo kake yi, zan zauna da kai ka buɗe walat naka, ka rubuta kalmomin sirri 12 ɗinsa a takarda ka ɓoye, ba ka ba kowa, ba ka rubuta su a kowane shafi ko da an ce na gyara ne, ka sayi na naira 10,000 ka ga yadda yake hawa da sauka, ka tura ka bi sawunsa a tronscan.org idan ta hanyar Tron ka tura. Idan ya faɗi ka yi asarar abin da ba zai hana ka barci ba. Naira 300,000 ɗin kuwa kusan alawus ɗin wata huɗu ce cur, na san irin ƙunci da ka sha kafin ka tara. Ka bar ta inda take har ka gama, mu zauna mu duba maganar kayan gyaran sola da ka taɓa yi min.

Game da abokin hidimarka, kada ka yi masa faɗa, kada ka kira shi ɗan damfara, mai yiwuwa shi ma da zuciya ɗaya yake ciki. Ka ce masa ya nemi cire duk abin da ke asusunsa yau, uwa da riba, ko da za a zaftare kashi 20, domin kashi 80 a hannu ya fi abin da zai samu nan gaba. Idan aka ce sai ya saka wani abu kafin a sakar masa, kada ya saka. Ya ɗauki hoton komai tun kafin a goge guruf ɗin: adireshin da ya tura wa, TxID na kowace turawa, lambobin admin, rasit ɗin banki, da sanarwar da suke fitarwa. Da su zai je bankinsa idan ta naira ya biya wani, da su kuma zai rubuta koke ga EFCC da SEC. Kada ka yi masa alkawarin kuɗin za su dawo, abokina ya kai nasa koken kuma har yau bai ga ko dala ɗaya ba. Ya kuma sanar da waɗanda ya shigar tun yanzu, da bakinsa, kafin su ji a wani wuri.

Kai kuma ka fita daga guruf ɗin, ka goge manhajar idan ka riga ka sauke, tunda fayil ne da ba ka san abin da aka cusa a ciki ba. Idan ka ba su hoton katinka na NIN ko lambar BVN wajen rijista, kira ni yau ɗin nan ko da dare ya yi, akwai abin da za mu yi a kan asusunka. Kafin ka goge, turo min linkin da sunan manhajar, ina so in duba shafin da adireshin da suke karɓar kuɗi, idan ka zo hutun ƙarshen wata in nuna maka a kwamfuta ka gani da idonka. Umma tana gaishe ka, ta ce ka riƙa kiranta ranar Juma'a. Ban gaya mata wannan maganar ba.

Naka,
Yayanka